Wa Ke Cin Wa? Yadda Malama Za Ta Koyar da Sarƙar Abinci a Firamare

Zancenmu na yau na malamai ne, musamman ke malama da aka danƙa wa darasin kimiyya a manyan azuzuwan firamare, kika buɗe littafi kika tarar da hoton ciyawa da fara da ƙadangare da shaho an jera su da 'yan kibiyoyi a tsakani, aka ce ki koyar. Iyaye mata ma kada ku tashi daga gindin rediyo, domin ku ne ake kawo wa littafin da daddare a ce "Mama, duba mini aikin gida."

Wannan darasi sunansa sarƙar abinci. Yana da sauƙin haddacewa, kuma nan matsalarsa take. Yaro zai iya rera miki "fara na cin gero, ƙadangare na cin fara, shaho na cin ƙadangare" tun daga farko har ƙarshe, ya ci maki goma bisa goma, alhali bai san abin da darasin ke nufi ba. Ai tun kafin a sa shi makaranta ya san shaho na ɗaukar 'yan tsaki, ba ke za ki gaya masa ba. Abin da bai sani ba, wanda shi ne aikinki, shi ne cewa akwai wani abu da ke tafiya a cikin sarƙar nan daga wannan halitta zuwa waccan, kuma yana raguwa a kowane mataki. Abin nan shi ne ƙarfi, wanda za ki ji wasu na kira makamashi, wasu kuma kuzari. Ni dai a gaban yara ƙarfi nake so ki ce, don shi suka sani. In kin ce wa yaro "ci abinci ka yi ƙarfi" ba ya neman fassara.

To daga ina ƙarfin yake farawa? Ki jefa wa ajin wannan tambaya kafin ki rubuta komai a allo. Ki ce, "Da me kuka yi gudu kuka zo makaranta yau?" Za su ce da ƙarfi. "A ina kuka samu?" A koko da ƙosai. "Kokon fa?" Daga gero. "Geron fa, a ina ya samu nasa?" A nan za ki ji ajin ya rabu. Mafi yawa za su ce daga ƙasa, wasu su ce daga taki, wasu su ce ruwan sama. Da wuya ki sami wanda zai ce rana. Kada ki yi musu faɗa, don manya da yawa ma haka za su amsa. Muna ganin ana zuba taki gona ta yi kyau, sai mu ɗauka takin ne abincin shuka kamar yadda tuwo yake namu.

Gaskiyar magana ita ce shuka ba ta cin abinci, haɗa nata take yi. Koren ganye shi ne madafinta. Saiwa na janyo ruwa daga ƙasa, ganye na shaƙar wata iska, irin wadda mu muke fitarwa in mun yi numfashi, sannan hasken rana ya zama kamar wutar murhu da ke haɗa su biyun su zama sukari. Da wannan sukari shuka ke gina kara da ganye da zangarniya. Taki kuwa kamar gishiri da kanwa ne a miya: in babu su miya ba ta yi ba, amma ba su ne ke cika tukunya ba.

In kina son labarin da zai kama hankalin yara, akwai wani masani a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, sunansa Jan van Helmont, wanda aka wallafa gwajinsa a shekarar 1648. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai, ya yi shekara biyar ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, bishiya ta ƙaru da kimanin kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa kaɗai ne ya zama itacen, sai daga baya aka gane iska ma na da babban rabo a ciki. Amma ya isa ya nuna cewa bishiya ba ƙasa take ci ba. Ki tambayi yara, da bishiyoyi ƙasa suke ci, ai da kowace kuka a cikin rami take tsaye, ko ba haka ba?

Saboda haka kowace sarƙa da za ki zana wa yara da shuka take farawa, rana kuma na bayanta. Shuke-shuke su ne masu haɗa abinci. Duk sauran, daga tururuwa har giwa har mu kanmu, masu ci ne.

Yanzu mu zo kan sarƙar da za ki yi aiki da ita. Shawarata ki bar zaki da barewa da ke cikin wasu littattafai, ki ɗauki wadda yaro zai iya gani a bayan aji ko a gonar babansa. Ga ta:

gero → fara → ƙadangare → shaho

Kin ga 'yan kibiyoyin nan? A kansu ne darasin ke gyaruwa ko ya lalace. In kin ba yara sunayen nan huɗu kika ce su sa kibiya da kansu, da yawa za su sa ta a juye, wato bakinta na kallon wanda aka ci. A tunanin yaro shaho ne ya kai hari, to kibiya daga shaho za ta fita ta soki ƙadangare, kamar ta maharbi. Tunanin ba na wauta ba ne, sai dai ba abin da kibiyar ke faɗi ke nan ba. Kibiyar tana nuna inda ƙarfi ya nufa. Ƙarfi ya bar gero ya shiga cikin fara, ya bar fara ya shiga cikin ƙadangare. Ki koya musu su riƙa karanta kibiya da kalma ɗaya tak: "ya shiga cikin". Gero ya shiga cikin fara. Fara ta shiga cikin ƙadangare. In yaro ya juya kibiya, kada ki gyara masa da jan biro, ki ce ya karanta da ƙarfi. Da ya ji bakinsa ya ce "shaho ya shiga cikin ƙadangare", shi da kansa zai yi dariya ya goge. Kuma tun da kibiya hanyar ƙarfi ce, sai ki ƙara ɗaya a farko, daga rana zuwa gero, su ga cewa ba lallai sai da haƙori ƙarfi ke wucewa ba.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce zuciyar darasin. Me ya sa sarƙar ta tsaya a kan shaho? Me ya sa ba mu da wata dabba da ke rayuwa da cin shaho, da wata mai cin wannan, da wata mai cin waccan, har mataki goma? Kuma me ya sa in ka shiga gona da damina za ka ga fara ba iyaka, ƙadangaru 'yan kaɗan, shaho kuwa ɗaya ko biyu ne ke shawagi a kan unguwa guda?

Amsar tana wurin duk macen da ta taɓa kiwon rago. Ki tuna buhu nawa na dusa da ƙaiƙayi, dami nawa na harawa ragon ya cinye a wata shida. In aka tara su wuri guda sun ninka ragon nauyi sau da yawa. To ina sauran ya tafi? Hanya uku ya bi. Ta farko, akwai abin da bai ma shiga bakinsa ba: saiwar wake da ta rage a gona, da karan da ya tattake ya bari. Ta biyu, akwai abin da ya ci amma cikinsa bai iya narkarwa ba, ya fita kashi, kika share kika kai juji. Ta uku, kuma ita ce babba a cikin abin da jikinsa ya karɓa, shi ne abin da ya ƙone don ya rayu: numfashi, bugun zuciya, tuƙa, tafiya, tunkuyi, da ɗumin jiki. Ki sa hannu a jikin rago da sanyin asuba ki ji ɗumi. Wannan ɗumi harawarki ce take fita tana bin iska. Abin da ya saura bayan duk waɗannan, shi ne ya zama tsoka da kitse, kuma shi kaɗai ne mai cin rago zai samu.

Haka abin yake a kowane mataki na sarƙa. Masana sun auna a tafkuna da dazuzzuka da filayen ciyawa, suka ga in an yi ƙiyasi, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin da ke mataki ɗaya ke wucewa zuwa na gaba. Wanda ake danganta asalin wannan lissafi da shi wani matashin masani ne Ba'amurke, Raymond Lindeman, wanda ya yi nazarin wani ɗan tafki a jihar Minesota, bincikensa ya fito a 1942. Amma malama ki riƙe wannan: kashi 10 ɗin ƙiyasi ne, ba doka ba ce. Wani wuri bai kai 5 ba, wani wuri ya kusa 20. Tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa sun fi kowa ɓarnar ƙarfi, don kullum suna hura wutar ɗumama jiki. Ƙadangare kuwa ba ya wannan wahala, shi ya sa kike ganinsa da hantsi a kan katanga yana shan rana, aron ɗumi yake yi kyauta. Ki ce wa yara "kimanin ɗaya cikin goma", kada ki bar kalmar kimanin ta faɗi.

Lissafin nan in kin rubuta shi a allo kawai, zai shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Gani ya kori ji. Ga yadda za ki nuna shi da kayan da ke gidanki. Ki samo bokiti mai cin lita 10, da gora mai cin lita 1, wato ruwan leda biyu ke nan, da wankakkiyar kwalbar maganin tari mai cin mililita 100, da ɗan murfin awo da ke zuwa da maganin, wanda ke da alamar mililita 10 a jikinsa. Ki fitar da ajin waje. Ki tsayar da yara huɗu a jere, ki rataya wa kowa kwali a wuya: gero, fara, ƙadangare, shaho.

Mai gero shi ke da cikakken bokiti. Ki ce wa ajin, "Ruwan nan duka shi ne ƙarfin da gonar gero ta tara a daminar bana." Mai fara ya zo da gorarsa ya cika, lita 1, ba ƙari. Mai ƙadangare ya zo da kwalbarsa, amma fa ba daga bokiti zai ɗiba ba, ƙadangaren sarƙarmu ba gero yake ci ba, daga gorar fara zai cika. Mai shaho ya zo da ɗan murfinsa ya ɗiba daga kwalbar ƙadangare. Sai ki ce su huɗun su ɗaga abin da ke hannunsu. Bokiti, gora, kwalba, murfi. Ki yi shiru ki bar ajin ya kalla. Daga nan ki kira yaro na biyar ki ce shi ne dodon da ke cin shaho, ki ba shi rabonsa, ɗaya cikin goma na murfin, wato mililita 1, ɗigo kamar ashirin a tafin hannu. Ki tambaye shi ko wannan zai kashe masa ƙishirwa. To kun ga dalilin da ya sa sarƙa ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba. Ba wai ba a iya kashe shaho ba ne, ƙarfin da ya rage ne bai isa ya riƙe wata dabba da za ta dogara da shi kaɗai ba.

In yaranki manya ne, 'yan aji shida, ki ƙara musu wannan. Shi kansa bokitin ɗan kaɗan ne daga abin da rana ta zubo. Shuka ba ta kama fiye da kimanin kashi 1 cikin 100 na hasken da ya sauka a gona, sau da yawa ma bai kai haka ba. Wato in bokitin gero lita 10 ne, abin da rana ta aiko ya kai lita 1,000, duro biyar ke nan irin na lita 200. Daga duro biyar zuwa murfin magani.

Akwai wani abu da nake so ki kula da shi a ƙarshen wasan, don a nan ne mai kyakkyawar niyya ke rushe abin da ta gina. Ruwa ya rage a bokiti lita 9, a gora ma ya rage. Mu mata ba ma son ɓarnar ruwa, sai hannu ya kai ga juye shi a gindin bishiyar makaranta. Kada ki yi haka a gaban yara. Mai wayo a cikinsu zai ce, "A'a, ashe ƙarfin komawa yake yi wurin shuka!" Shi ke nan kin koya masa akasin abin da kike nufi. Ki ɗebi kofi ɗaya ki watsa a kan busasshen yashi ko siminti mai zafi, ki ce wa yaro ɗaya ya kwaso miki shi ya mayar bokiti. Zai tsaya yana kallonki. Ki ce, "Haka ƙarfin da ya zama zafi yake, in ya fita ya fita." Sauran ruwan a kai shi wurin wanke hannu bayan an tashi.

Wannan ya kawo mu kan inda littattafai da yawa ke rikita yara. Za ki ga an zana da'ira: shuka, dabba, dabba ta mutu, ta ruɓe, ta koma ƙasa, shuka ta sake tsirowa. Zanen gaskiya ne, amma ba ƙarfi ne ke zagayawa a cikinsa ba. In shaho ya mutu, ko ganye ya faɗi, ko saniya ta yi kashi, akwai masu aikin share fage. Ungulu na cin mushe, gara na cin busasshen kara, buzuzu na mirgina kashin shanu, tana na cin ruɓaɓɓen ganye a cikin ƙasa. Su waɗannan farfasawa suke yi. Masu ƙarasa aikin su ne fumfuna da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, da ake kira bakteriya. Su ma duk ci suke yi don su rayu, su ma suna ƙone ƙarfin da ya rage ya fita a matsayin zafi. In kin taɓa tona tsakiyar juji da damina kin ji ɗumi, to shi ne. Abin da ke komawa ƙasa sinadarai ne, gishiri da kanwar da muka ambata ɗazu, su shuka ke sake tsotsa.

Misalin da ya fi zama a kan yara shi ne na murhu. Kin sa itace, ya ci, ya ba da zafi, ya bar toka. Tokar za ki iya kwasa ki kai gona ta amfani shuka. Zafin fa? Wa ya taɓa tara zafin jiya ya dafa abincin yau? Gobe sai an nemo sabon itace. To toka ita ce sinadarai, tana zagayawa. Zafi shi ne ƙarfi, hanya ɗaya yake bi. Shi ya sa dole rana ta fito kullum ta zubo sabo. In kina son su ga aikin fumfuna da idonsu, ki ɗan yayyafa wa guntun burodi ruwa, ki ɗaure shi tam a farar leda, ki ajiye a aji kwana biyar ko mako guda suna dubawa kowace safiya. Kada ki bari a kwance ledar, don ƙurar fumfuna na tayar wa mai asma ciwonsa. In an gama a jefar da ita a ɗaure.

Yanzu bari mu taɓa tambayoyin da za su iya tsayar da ke a gaban aji, gara ki ji su a nan tukuna.

Wata yarinya da mamarta ke kiwon kajin gidan gona za ta iya cewa, "Malama, kajinmu in sun ci kilo huɗu na abinci suna kai kilo biyu. Ai rabi ke nan, ba ɗaya cikin goma ba." Yarinyar ta yi gaskiya a awonta, ki yaba mata. Amma abincin kaji busasshe ne ƙamas, naman kaza kuwa wajen kashi biyu cikin uku nasa ruwa ne, ruwa kuma ba ya ɗauke da ƙarfi. Sannan masarar da ke cikin abincin zaɓaɓɓen ɓangare ne na shuka, an bar kara da ganye da saiwa da totuwa a gona ba a lissafa ba. Ga shi kuma kazar a ɗaki take, ba ta yawon tono, ba ta gudun shaho. Kilo na auna nauyi ne, mu kuwa ƙarfi muke bi.

Wani zai ce babbar dabba ce kullum a ƙarshen sarƙa. Ki tambaye shi me giwa ke ci, me raƙumi ke ci. Ganye. Ashe duk girmansu a mataki ɗaya suke da fara. Wani kuma zai ce, to mu mutane a ina muke? Ki ce ya duba kwanon abincinsa na daren jiya. In tuwon dawa ne da miyar kuka, a mataki na biyu ya kwana, kusa da fara. In akwai tsokar akuya a miyar, ya taka na uku, kusa da ƙadangare. In tarwaɗa ce wadda ta ci ƙananan kifaye, ya hau sama da haka. A cikin kwano ɗaya mutum na iya tsayawa a wuri biyu ko uku. A nan ma za su fahimci wani abu da suke gani a kasuwa, wato dalili ɗaya daga cikin dalilan da suka sa nama ya fi hatsi tsada: kafin a sami kilo ɗaya na nama, dabba ta cinye abinci mai yawa.

In kin zana musu dala, wato faɗi a ƙasa tsini a sama, mai nuna masu haɗa abinci sun fi yawa, akwai wanda zai kawo miki bishiyar mangwaro guda ɗaya da dubban tururuwa da tsutsotsi a kanta, ya ce ga na ƙasa ɗaya, na sama dubu. Shi ma bai yi ƙarya ba. In da ƙidayar kai ake yi, dalar na iya kifewa. Amma ki ce ya kwatanta bishiyar da duk ƙwarin in an tara su a kwando. Dalar ƙarfi ba ta kifewa, don ba mai ba da abin da ya fi wanda ya samu.

Abu na ƙarshe da za ki nuna musu, kuma ina ganin ya cancanci darasi nasa daban a wata rana, shi ne cewa sarƙa guda ɗaya tilo a littafi kawai take. A gona, fara ba ƙadangare kaɗai ke cin ta ba: kaza na ci, balbela na ci, shamuwa na ci, mu ma muna soya ta da yaji. Gero kuma ba fara kaɗai ke cinsa ba, ga ɓera, ga tsuntsayen jan-baki da manoman Haɗeja da Nguru suka sani sarai. Shaho na cin ɓera, maciji ma na ci, mujiya ma haka. Sarƙoƙin sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. Ki samo ƙullin zare, ki tsayar da yara goma sha biyu a da'ira kowa da kwalinsa, a ja zare daga kowane abinci zuwa mai cinsa har tsakiyar ta cika. Sai ki ce, "An kashe duk macizai da mujiyoyin garin nan," masu kwalayen nan su saki zarensu. Ki tambayi mai ɓera, yanzu wa ya rage yana cin ka? Ki tambayi mai gero, kai fa me zai same ka in ɓeraye sun yi yawa? Ki bar su su bi zaren da kansu har su iso rumbu.

Wannan ba tatsuniya ba ce, ya taɓa faruwa ga ƙasa guda. A shekarar 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta sa jama'a su kawar da abubuwa huɗu da ta ce masu ɓarna ne: ɓera, ƙuda, sauro da tsuntsun gwara, shi gwara saboda yana cin hatsi. Mutane suka fito da tukwane da ganguna suna kaɗawa don hana tsuntsayen sauka har su faɗo don gajiya, ana farfasa sheƙunansu. An duba zare ɗaya ne kawai, wanda ya tashi daga hatsi zuwa gwara. Ba a duba ɗayan ba, cewa gwara na cin ƙwari, kuma da ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa. Da tsuntsaye suka yi ƙaranci, fara da sauran ƙwari suka yi yawa a gonaki. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo a madadinsa. Ƙasar ta yi fama da babbar yunwa daga 1959 zuwa 1961. In za ki ba yara labarin ki faɗa musu daidai: yunwar tana da dalilai da yawa, kashe tsuntsayen ɗaya ne daga ciki, ba shi kaɗai ba.

To ta yaya za ki san darasin ya zauna? Kada ki ce su zana sarƙar da kika zana, wannan hadda ce. Ki ba su sababbin sunaye a hargitse waɗanda ba ku yi a aji ba, misali tarwaɗa, gansakuka, mutum, ƙaramin kifi, ki ce su jera su sa kibiya. Wanda ya fara da gansakuka, kibiyoyinsa kuma suka nufi mutum, ya kama rabin farko. Sannan ki yi tambaya ɗaya da baki: "Manomi na da buhu goma na masara. Ko iyalinsa su ci masarar, ko ya ba awaki su cinye sannan a yanka awakin a ci. Ta wace hanya abincin zai fi daɗewa yana riƙe gidan, kuma don me?" In yaro ya ce a ci masarar, ki ce ya gaya miki inda sauran ya tafi a hanyar awaki. Wanda ya ambaci kashi da tafiya da ɗumin jiki, ya gane. Wanda ya ce "don akuya ƙarama ce", ko ya ce "ƙarfin ya koma ƙasa", sai ki sake fito da bokitinki, ki ba shi murfin magani ya riƙe da hannunsa.